Yadda aka tsara umarnin zane na hotuna 14 a littafin karatun yara: kaurin layi, launuka da yanayi

Wata malamar firamare da ta daɗe tana koyar da Hausa a aji biyu ta kawo mini rubutun ɗan ƙaramin labari, na wata yarinya da akuyarta ta ɓace da hantsi a lokacin hunturu, ta bi ta lungu-lungu tana cigiya har ta same ta a bayan rumbun maƙwabta. Labarin shafi 14 ne, kowane shafi da hoto ɗaya a sama da jimla biyu ko uku a ƙasa, kuma za a buga shi a girman A5, wato santimita 14.8 a faɗi da 21 a tsawo, a kan takarda mara sheƙi wadda kuɗinta bai yi yawa ba. Ba ta da abin biyan mai zane na hotuna 14, don haka muka yanke shawarar a fitar da su da SDXL, samfurin Stable Diffusion, wato injin kwamfuta mai zana hoto daga rubutaccen umarni, da aka saki a watan Yuli na 2023, wanda asalin girman hotonsa fiksel 1024 ne a kowane gefe, sannan in gyara abin da ya rage da hannu.

Ta zo da kamannin da take so a zuciyarta sarai, amma da na tambaye ta sai ta ce: "Malam, irin zanen littattafan da muka karanta muna yara nake so, mai tsabta, wanda yaro zai gane da kallo ɗaya, kuma ya zama akwai natsuwa a cikinsa." Mutumin da ya taso inda muka taso zai fahimci wannan magana nan take. Injin zane kuwa bai taso ko'ina ba, kuma aikin da ke gabana shi ne in mayar da "tsabta" da "natsuwa" su zama abubuwan da za a iya rubutawa, a kuma iya dubawa a hoton a ce an samu ko ba a samu ba.

Umarnin farko na rubuta shi yadda kusan kowa yake farawa, da Turanci, domin ɓangaren da ke karanta rubutu a wannan samfuri an horar da shi ne galibi da Turanci, kuma idan aka ba shi Hausa ba ya kama ma'ana yadda za a dogara da ita:

```
children's book illustration, African village, girl with a goat,
beautiful, simple style, warm colors
```

Na fitar da hotuna takwas, kuma babu biyu da suka yi kama da juna. Ɗaya ya fito kamar an shafa shi da fentin ruwa ba tare da layi ba, wani kamar majigin yara mai ƙyalli da manyan idanu, wani kuma da siraran layukan fensir masu karo da juna. Abin da ya haɗa su kawai shi ne ruwan lemo da ya rufe komai, rana tana faɗuwa a bayan bishiya, da bukkoki masu zagaye. Laifin ba na injin ba ne. Kalmar `simple` ta dace da salo goma daban-daban, `beautiful` ba ta nuna komai, `warm colors` kuma ta haɗu da `African village` suka jawo hoton faɗuwar rana da ya cika intanet. Tun daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida ɗaya da na bi har ƙarshen aikin: duk kalmar da ba zan iya ɗora yatsa a hoton in nuna inda ta yi aiki ba, ba za ta zauna a umarnin ba.

Kafin in sake taɓa rubutun, na tsayar da sauran abubuwan da ke sa hoto ya canza. Na kulle `seed`, wato lambar da injin ke fara kowane hoto daga gare ta, a lamba ɗaya, na bar `CFG scale`, ma'aunin yadda injin ke bin umarni sau da ƙafa, a 7, na bar girman hoton yadda yake. Dalili shi ne, idan `seed` yana sauyawa a kowane gwaji, mutum ba zai taɓa sanin ko kalmar da ya ƙara ce ta kawo canji ko kuwa sa'a ce kawai ba. Na kuma raba umarnin gida biyu, ɓangaren salo wanda zai zauna daram a duk shafuka 14, da ɓangaren abin da ke faruwa wanda shi kaɗai zai riƙa sauyawa. Akwai iyaka da ta tilasta a yi tsimin kalmomi, domin mai karanta rubutun yana ɗaukar gutsattsarin kalma 77 ne a lokaci guda, biyu daga ciki na buɗewa da rufewa ne, saura 75. Wasu manhajojin suna yanka dogon umarni su ba shi kashi-kashi, amma na lura cewa abin da aka jefa can ƙarshe ba ya samun ƙarfin abin da ya zo a farko, saboda haka na ɗauri niyyar salon gaba ɗaya kada ya cinye fiye da rabin wurin.

Da layi na fara, domin shi ne ƙashin bayan irin wannan zane, kuma shi ne abin da ya fi sauƙin aunawa. Na ɗauki takarda da alƙaluman zane guda uku, mai bakin milimita 0.3, da 0.7, da kuma maka mai kauri, na zana kan akuya sau uku a girman da zai fito a littafin, na miƙa wa malamar. Ba ta yi jinkiri ba ta nuna na tsakiya. Siririn, in ji ta, zai ɓace wa yaron da ke zaune a bayan aji idan aka ɗaga littafin, mai kaurin kuma ya cinye idon akuyar. Daga nan sai lissafi. Hoton zai zauna a faɗin santimita 12 a shafi, kuma idan aka raba fiksel 1024 a kan milimita 120, kowace milimita tana ɗaukar fiksel 8.5 ko kusa da haka. Ke nan layin milimita 0.7 zai zama fiksel 6 a hoton da injin ya fitar. Wannan lamba ita ce ma'aunina, kuma duk hoton da ya fito ina zuƙo shi in ƙirga fiksel a wurare uku, gefen fuskar yarinyar, bayan akuyar, da saman katanga.

Sai dai injin ba ya jin milimita. Na gwada rubuta `0.7mm line` don in tabbatar, kuma layin bai motsa ba, ya ci gaba da yawo tsakanin fiksel 2 a fuska da 9 a katanga. Abin da yake ji shi ne sunan abin da aka yi zanen da shi da kuma halin layin, domin irin waɗannan kalmomi ne ke rubuce a ƙarƙashin hotunan da ya koya daga gare su. Na gwada `ink outline`, sai ya kawo layin burushi mai farawa siriri ya kumbura a tsakiya ya sake sirancewa, wanda yake da kyau amma ba shi muke nema ba. Na gwada `bold outline`, sai ya haura fiksel 12, yatsun yarinyar suka manne suka zama dunƙule. Abin da ya zauna shi ne wannan:

```
uniform medium-thick outline, felt-tip marker, rounded line ends,
closed shapes
```

Kowace kalma a nan tana da aikinta. `uniform` ita ta hana layin kumbura da sirancewa, `felt-tip marker` ta ba shi kaurin da ya faɗo tsakanin fiksel 5 da 7 a yawancin gwaje-gwajen, `rounded line ends` ta kawar da kaifin ƙarshen layi da ke sa zane ya yi tsauri, `closed shapes` kuma ta rage giɓin da layi ke bari bai haɗe ba. Wannan na ƙarshen ya yi mini rana daga baya, domin siffar da layinta ya rufe ita ce ake iya zuba wa launi da dannawa ɗaya ba tare da ya tsiyaye waje ba.

A nan na yi kuskuren da ya ci mini yamma guda. Injin yana ta cusa ƙananan layukan inuwa masu gicciye a ƙarƙashin haɓa da cikin akuyar, sai na ƙara `no crosshatching` a umarnin, abin mamaki sai suka ƙaru. Mai karanta rubutun bai iya kore magana da kyau ba, yana ganin sunan abin ya ɗauka ana so ne, kamar yaron da aka ce kada ya taɓa tulu sai hankalinsa ya koma kan tulun. Wurin abin da ba a so daban ne, akwatin `negative prompt`, kuma can na mayar da su:

```
crosshatching, sketchy lines, gradient, 3d render, drop shadow
```

Batun launi ya fi na layi wuya, kuma a nan ne na fi daɗewa. Na je wurin mai ɗab'in da za a kai wa aikin da hotuna biyu na gwaji a waya, ya duba ya ce: "Malam, wannan shuɗin mai walƙiya a allo kawai yake rayuwa, a takardata zai mutu, kuma duk inda launi ke sajewa daga duhu zuwa haske zai fito maka kamar an zubar da shayi." Gaskiyarsa ce, domin allo da haske yake haɗa launi, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu, kuma takarda mara sheƙi tana shan tawada ta dusashe ta. Na koma muka zauna da malamar muka zaɓi launuka biyar daga abubuwan da ke cikin labarin kansa, jar ƙasar katanga, baƙin shuɗi irin na baba da ake rini da shi a Ƙofar Mata, ruwan ɗorawa na ɗankwalin yarinyar, farin da ya ɗan yi ruwan madara a matsayin takarda, da ruwan ƙasa mai duhu sosai na layi a maimakon baƙi ƙirin. Na rubuta lambar kowanne a gefe:

```
#B5532A  #27406B  #D9A21B  #F3E9D2  #2B1D14
```

Waɗannan lambobi na kaina na rubuta su, ba na injin ba. Na saka su a umarnin sau ɗaya, suka cinye gutsattsarin kalma masu yawa ba tare da launin ya bi su ba. Sunan launin da aka ɗauko daga abu shi ne ke aiki, `terracotta` ya fi `red-brown` tsayawa wuri ɗaya, `indigo` ya fi `dark blue`, `mustard yellow` ya fi `yellow`, saboda sunan abu yana da ƙunci, sunan launi zalla kuwa yana da faɗi. Sai na rubuta:

```
flat color fills, limited palette of terracotta, indigo,
mustard yellow, cream paper, dark brown ink
```

Hoton ya natsu nan da nan, kore da shunayya da ruwan hoda suka ragu ƙwarai. Amma sabuwar matsala ta ɓullo wadda ban hango ba. Tun da ban ba fatar yarinyar launi ba, injin ya ɗauki mafi kusa a cikin biyar ɗin, fuskarta ta fito jawur daidai da katangar da ke bayanta, layi kaɗai ya raba su. Malamar ta kalli allon ta ce: "Wannan ai ba 'yar mutane ba ce, tukunya ce." Dole muka ƙara launi na shida, ruwan ƙasa matsakaici, na rubuta `medium brown skin` a manne da kalmar yarinyar. Wannan mannewa tana da dalili, domin launi a irin wannan injin yana tsallakewa daga abu zuwa abu. A wani gwaji da na jera launukan a gefe guda, abubuwan a wani gefe, akuyar ce ta fito shuɗiya, zanen da yarinyar ta ɗaura kuma fari. Abin da ya rage wannan shi ne a bar jerin launukan a ɓangaren salo, sannan a ɓangaren labari a sake ɗaura kowane launi a jikin abinsa, `indigo wrapper`, `mustard headscarf`, `white goat`, kuma kada a ɗaura fiye da uku ko huɗu a shafi ɗaya. Ragewa ya yi, bai kawar ba, har ƙarshen aikin ina zubar da hotuna saboda ɗankwali ya koma shuɗi.

Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in huta da duk wannan wahala in rubuta sunan wani shahararren mai zanen littattafan yara kawai. Na ƙi, kuma ba don hakkin mai zanen kaɗai ba, ko da yake wannan ma ya isa dalili. Suna yana zuwa da kayansa gaba ɗaya, da layinsa da launinsa da irin fuskokin da yake zanawa da tufafin ƙasarsa, kuma ba a iya kwance ɗaya a bar saura. Idan layin ya yi daidai amma launin bai yi ba, babu kalmar da za a taɓa a gyara.

Saura yanayi, wanda shi ne abin da malamar ta fi damuwa da shi, kuma shi ne mafi santsi a hannu. Na fara da `calm, peaceful mood`, kuma abin da na samu shi ne yarinya tana murmushi idonta a lumshe, alhali a labarin tana cikin damuwar neman akuyarta ne. Injin ya ɗora natsuwar a fuskarta, mu kuwa a hoton gaba ɗaya muke son ta. Sai na sake tambayar malamar, wannan karon ba sunan yanayin ba, abin da ido ke gani a irin wannan safiya. Ta yi shiru kaɗan ta ce sama ba ta da shuɗi, fara ce fat, abin da ke nesa ya dushe kamar an rufe shi da mayafi, babu inuwa mai kaifi a ƙasa, kuma lungun babu kowa saboda sanyi. Waɗannan abubuwa huɗu duk ana iya rubuta su, ana kuma iya duba su. Na ƙara na biyar daga wajena, cewa a kalli komai daga tsayin idon yaro, domin katanga ta yi tsawo yadda take yi wa ɗan shekara bakwai.

Kalmar da na fara ɗauka ta hazo ita ce `hazy`, kuma ita ce ta nuna mini cewa sassan umarni suna iya faɗa da juna. Hazo a wurin injin yana nufin dishi-dishi da launi mai sajewa, wato daidai abin da `flat color fills` da `uniform outline` suke hanawa. Sakamakon ya fito rabi da rabi, yarinyar da layinta tsaf, bayanta kuma kamar hoton kyamara da bai kama ba, layin katanga ya sauka zuwa fiksel 2 ya narke. Alamar irin wannan faɗa ita ce a ga salo biyu a hoto ɗaya bayan ƙara kalma guda, kuma maganinta ba ƙara wa ɗaya nauyi ba ne da irin `(flat color fills:1.3)`, na gwada hakan hoton ya ƙara tauri kawai. Maganin shi ne a tambayi kai yadda mai zane da maka da launuka shida zai nuna hazo, tun da shi ma ba shi da dishi-dishi. Zai bar sama babu komai, ya zana gidajen nesa da launi mai haske, ya rage musu tarkace. Haka na rubuta, kuma hakan ya kawo launi na bakwai, jar ƙasa da ta koɗe. Ga yadda umarnin shafi na shida ya tsaya, salon a sama, labarin a ƙasa:

```
flat color fills, uniform medium-thick outline, felt-tip marker,
limited palette of terracotta, indigo, mustard yellow, cream paper,
empty cream sky, distant houses in pale terracotta, child's eye level,
girl with medium brown skin, indigo wrapper, mustard headscarf,
empty lane, flat-roofed mud walls
```

Za a lura wasu kalmomin sun fita. Na cire `rounded line ends` da `closed shapes` da `dark brown ink` saboda wuri, bayan na gwada cire kowace ɗaya ita kaɗai a kan `seed` guda na ga wadda rashinta ya fi sauƙi. `felt-tip marker` ta riƙe zagayen ƙarshen layin ita kaɗai, giɓin layi kuma ya ɗan dawo, na yarda in rufe shi da hannu. Kalmar `African village` ba ta sake dawowa ba, `flat-roofed mud walls` ce ta maye gurbinta, kuma da ita bukkoki masu zagaye da faɗuwar rana suka tafi.

Gwajin gaskiya shi ne sakin `seed`. Umarnin da ya yi kyau a lamba ɗaya tak bai tabbatar da komai ba, don haka na fitar da hotuna takwas da lambobi daban-daban kamar yadda na yi a ranar farko, na jera su ƙanana a allo ɗaya. Shida sun fito kamar hannu ɗaya ne ya zana su, layinsu tsakanin fiksel 5 da 7, samansu babu komai. Biyu sun kauce, ɗaya ya sa girgije, ɗayan ya dawo da inuwa a ƙarƙashin ƙafa. Wannan ya ishe ni in fara aikin shafukan.

Akwai inda rubutu ya tsaya, hannu ya karɓa. Jar ƙasar shafi na uku da ta shafi na tara ba su taɓa zama launi ɗaya daidai ba, ko da yake dukansu `terracotta` ne, kuma a littafin da ake buɗe shafi biyu a jere ido yana kama wannan bambanci. Na fara ƙara girman kowane hoto, domin fiksel 1024 a santimita 12 bai kai ɗigo 300 a inci da mai ɗab'i ke nema ba, ana buƙatar kimanin 1417. Sannan na buɗe su a manhajar gyaran hoto ta GIMP, na shiga `Image > Mode > Indexed`, na ba shi jerin launukanmu bakwai tare da kashe `dithering`, wato cakuɗa ɗige-ɗigen launuka don kwaikwayon launin da babu, ya tilasta wa kowane fiksel komawa mafi kusa a cikinsu. A nan ne lambobin da injin ya ƙi ji suka yi amfaninsu. Gefen layi yakan ɗan yi zara-zara bayan wannan, shi ya sa na riƙa yin sa a hoton da girmansa ya ninka wanda ake buƙata, in mayar da shi `RGB` sannan in rage shi daga baya.

Fuskar yarinyar ita ce abin da umarnin salo bai iya riƙewa ba ko kaɗan, domin salo ɗaya ba ya nufin mutum ɗaya. A wani shafin kumatunta sun cika, a wani haɓarta ta yi tsini. Na zaɓi fuskar shafi na biyu, na sake zana ta da hannu a shafuka biyar da burushi mai kaurin da ya yi daidai da layin. Shafi na goma sha ɗaya, inda take leƙa bayan rumbu, shi ya fi ba ni wahala, saboda injin ya kasa gane rumbu duk yadda na kwatanta shi, yana ta fitar da tulu ko bukka. A ƙarshe na zana rumbun da maka a takarda, na ɗauki hotonsa da waya, na shigar da shi ta `img2img`, inda injin ke sake zana hoton da aka ba shi, da `denoising strength`, ma'aunin yadda zai kauce wa hoton asali, na 0.45 tare da umarnin salon nan ba tare da canza harafi ko ɗaya ba. Da malamar ta ga gwajin da aka buga a takardar gaske, ta ɗaga shi ta taka har ƙarshen ɗakin kamar yadda za ta yi a aji, ta tambaye ni ko ina ganin kunnen akuyar da ya leƙo daga bayan rumbun, na ce ina gani.